Jirgi mai araha mai yada zango biyu, ko mai tsada da ba ya tsayawa: yadda ake yin lissafin tun daga Gusau

Da ƙanwata ta haihu a Ingila, aka ce Inna ce za ta je ta zauna mata wankan jego. Biza ta fito a lokacin hunturu, aka ɗora mini neman tikiti. Na tarar da farashi biyu. Na farko daga Abuja sai London, babu tsayawa, awa shida da rabi ko kusa da haka, naira miliyan 2 da dubu 100 zuwa da dawowa. Na biyu naira miliyan 1 da dubu 450, amma zai sauka a Alƙahira, ya sake sauka a Milan ta ƙasar Italiya, kafin London. Bambancin naira dubu 650 ne. Yayanmu da ya ji ya ce, "To me ake jira? Dubu ɗari shida da hamsin ai buhunan shinkafa ne da canji."

Farashin tikiti yana sauyawa tsakanin safe da yamma, don haka kada ka riƙe waɗannan lambobin. Yadda ake bin lissafin shi ne abin ɗauka, kuma ga shi daki-daki.

Fara ƙirga tafiyar daga ƙofar gida

Mutumin Legas ne yake iya cewa jirginsa bai tsaya ko'ina ba. Kai da ka fito daga Gusau, kafin ka ga jirgin ka riga ka bi Tsafe, Funtuwa, Zariya da Kaduna, ka wuni a mota, kuma hanyar ba ta dare ba ce. Idan ka ƙi wannan, sai ka nufi Talata Mafara zuwa Sakkwato ka hau jirgin cikin gida a filin Sultan Abubakar na Uku. Mutumin Birnin Kebbi shi ma ko dai ya dace da ranar da akwai jirgi a filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, ko ya bi Jega, Koko, Yawuri da Kwantagora. Kowace ka bi, akwai kwana a Abuja, domin babu mai hankalin da zai haɗa hanyar mota da jirgin ƙasar waje a rana ɗaya.

Ke nan jirgin da ba ya tsayawa, a wurinmu tafiyar kwana biyu ce. Mai zango biyu kuwa kwana uku ce. Na Inna ga yadda ya kasance: awa biyar zuwa Alƙahira, jiran awa goma sha ɗaya, awa huɗu zuwa Milan, jiran awa uku, sai awa biyu zuwa London. Awa ashirin da biyar ke nan, a kan gajiyar hanyar Funtuwa.

A nan mutane kan ruɗe da agogo. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti, lokacin garin da ake magana ne, ba na Najeriya ba. A hunturu Alƙahira tana gabanmu da awa ɗaya, Milan daidai take da mu, London tana bayanmu da awa ɗaya. Kada ka yi ɗebe-ɗebe da kanka, nemi inda aka rubuta jimillar tsawon tafiyar. Idan ka ga `+1` kusa da lokacin sauka, washegari za a isa. Sannan ka lura da kalmomi biyu da suke kama da juna a allo. `Nonstop` shi ne wanda ba ya sauka ko'ina. `Direct` kuwa yana iya sauka a wani gari ya ɗebi fasinja ko mai, lambar jirgin ce kawai ba ta sauyawa.

Tikiti ɗaya ne ko tikitoci ne aka ɗinke?

Idan tambaya ɗaya kawai za ka yi wa ejan, wannan ce. Yawan zango bai kai ta muhimmanci ba.

Tikitin jirgi alkawari ne. Idan tafiyar duka tana kan tikiti ɗaya, kamfanin ya ɗauki alkawarin kai ka gari na ƙarshe. Jirgin farko ya makara ka rasa na biyu? Su za su sa ka a na gaba ba tare da ka ƙara ko sisi ba, kuma galibi su ba ka abinci ko masauki idan jiran ya yi tsawo. Kayanka tun daga Abuja za a liƙa musu takardar gari na ƙarshe, galibi ba ka sake ganinsu sai can. Kai kuma a zangon galibi ba ka shiga ƙasar ba, kana cikin ɓangaren masu wucewa ne kawai, daga wannan ƙofa zuwa waccan.

Amma akwai shafukan sayar da tikiti da suke ɗauko tikitin wannan kamfani, su ɗauko na wancan, su jera maka su kamar tafiya ɗaya, alhali kamfanonin biyu ba su san da juna ba. Shi ya sa yake yin araha. A irin wannan, idan na farko ya makara, a wurin na biyu kai mutum ne da bai zo ba kawai. Kuɗinka ya tafi. Abin da ya fi ciwo, a yawancin kamfanoni idan ka rasa wani ɓangare na tikiti, sauran ɓangarorin da ke bayansa suna sokewa, har da na dawowa.

Gane shi ba wuya. Duba ko an rubuta `self-transfer` ko `separate tickets`, sau da yawa da ƙananan haruffa. Duba lambar ajiye kujera, wadda ake kira `PNR`, mai haruffa da lambobi shida, da kuma lambar tikitin kanta mai lambobi 13. Idan an ba ka lambar tikiti ɗaya kuma duk jiragen suna jere a ƙarƙashinta, hankalinka ya kwanta. Idan an ba ka biyu daga kamfanoni biyu, kuma aka ce ka karɓi kayanka a hanya ka sake kai su awo, ɗinki ne. Wani lokaci tikiti ɗaya kan zo da lambar ajiye kujera biyu saboda kamfanonin abokan hulɗa ne, don haka lambar nan mai 13 ita ce alƙali.

Na Inna da na duba, daga Abuja zuwa Milan tikiti ɗaya ne. Daga Milan zuwa London kuwa na wani kamfani ne daban, irin masu arahar nan na Turai.

Sai maganar biza, inda koren fasfo yake tuntuɓe

Shafin da ya nuna maka farashi bai san fasfon da ke aljihunka ba. Abin da Bature zai wuce ba a tambaye shi ba, ɗan Najeriya sai an tsayar da shi.

Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da ake buƙatar 'yan ƙasarsu su mallaki bizar wucewa ta filin jirgi a ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, ko da ba za su fita daga filin ba. Akwai waɗanda aka ɗauke wa, kamar mai riƙe da bizar Amurka, Kanada ko Japan mai rai. Da can bizar Birtaniya ma tana fitar da mutum, amma tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a 2020 ba abin dogaro ba ce, sai ka tambayi ofishin jakadancin ƙasar da za ka ratsa. Birtaniya ita ma tana da tata bizar wucewar ga 'yan Najeriya. Amurka kuwa babu ratsa ta sam ba tare da biza ba.

Ga inda zango biyu yake da nasa tarkon na musamman. Idan zangon biyu duka a cikin Shengen suke, misali Faris sannan Firankfot, jirgin da ke tsakaninsu kamar jirgin cikin gida ne, kamar Sakkwato zuwa Abuja. Kafin ka hau shi dole ka wuce ta gaban jami'an shige da fice, wato ka shiga Turai. Bizar wucewa ba ta isa ba, sai cikakkiyar bizar Shengen. Haka ma idan tikitin ɗinki ne: wurin karɓar kaya yana bayan jami'an shige da fice, ba ka isa ga jakarka sai an ba ka izinin shiga ƙasar.

Wannan shi ya kashe tikitin Inna tun kafin a kai ga kuɗi. Don ta ɗauki jakunkunanta a Milan ta sake kai su awo, sai ta shiga Italiya, ita kuwa bizar Birtaniya kawai gare ta. Kuma ba a Milan za a tare ta ba, a kantar awon kaya ta Abuja ne. Ma'aikacin yana ganin tikitin kamfaninsu ya ƙare a Milan, zai duba kundin dokokin shiga ƙasashe da kamfanonin jirage ke amfani da shi, `Timatic`, ya ce ina bizar Italiya? Ba mugunta ba ce, kamfanin ake ci tara idan ya kai mutum babu takardu. Da an saya, da tsohuwa ta sha hanyar Gusau zuwa Abuja ta dawo da jakunkunanta. Bizar Shengen kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, ban da kuɗin ofishin karɓar takardu, da inshora, da wata tafiyar don ɗaukar hoton yatsu, kuma babu tabbacin a bayar.

Shi ya sa mai fasfon Najeriya ya fi samun sauƙin zango a Adis Ababa, Doha, Istanbul ko Kasablanka, inda galibi ake wucewa ba biza muddin tikiti ɗaya ne kuma ba a fita daga filin ba. Ko a nan ma duba abu ɗaya: filin da za ka sauka shi ne wanda za ka tashi? Istanbul filaye biyu gare ta, `IST` da `SAW`, ɗaya a ɓangaren Turai ɗaya a ɓangaren Asiya. London tana da Heathrow da Gatwick da wasu. Ko Legas, tashar jiragen cikin gida daban take da ta ƙasashen waje, sai ka ɗebi kayanka ka shiga mota.

Yanzu a cire abin da arahar ta ɓoye

A ɗauka ma bizar ba matsala ba ce. Jiragen da ke tashi daga Najeriya zuwa nesa sukan ba fasinja jaka biyu masu kilo 23 kowace, ko da yake akwai tikiti mafi araha da ba ya ba da hakan, sai ka karanta. Kamfanonin arahar Turai kuwa kujera kawai suke sayar maka da 'yar ƙaramar jaka. Kowace babbar jaka kuɗinta daban, kuma biya a filin jirgi ya fi biya tun a waya tsada nesa ba kusa ba. Inna kuwa mai zuwa jego ce: garin kunu, kanwa, yaji, kuka, daddawa, atamfofi, kayan jariri. Da na sa jakunkuna biyu zuwa da dawowa a wancan ɗan guntun zangon, ya kama wajen naira dubu 240.

Tunda an zo kan kaya, a gaya wa tsofaffi tun a gida: Birtaniya ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama ko abin da aka yi da madara daga ƙasashe irin namu. Kilishi, dambun nama da man shanu su zauna a Gusau. Mun sha rigima da Inna a kan man shanun nan.

Sai abinci. Awa goma sha ɗaya a wani fili, awa uku a wani, sau biyu. Abincin filin jirgi da kuɗin waje ake saye, ruwan sha ma haka, domin a kowane zango za a sake bincike kuma a mafi yawan filaye ba a wucewa da ruwa ko wani abu mai ruwa-ruwa da ya wuce mililita 100. Na sa naira dubu 60, kuma na yi rowa. Wasu kamfanoni, kamar na Habasha, sukan ba da otal idan jiran ya kai awa 8 zuwa 24, bisa sharuɗɗansu. Tambaya za ka yi kafin ka biya, a rubuta maka.

Dubu 650 ta koma dubu 350. Yanzu raba ta da awannin da aka ƙara. Awa 25 a cire shida da rabi, saura 18 da rabi, zuwa da dawowa awa 37. Dubu 350 a raba 37, kusan naira 9,500 ke nan a kowace awa. Wannan ita ce ainihin tambayar: wanda zai yi tafiyar, za ka yarda ya zauna a kujerar ƙarfe a ƙasar da bai san harshenta ba a kan naira 9,500 a awa? Ga ɗalibi ɗan shekara 25 mai jaka ɗaya, wannan kuɗi ne mai kyau, ni ma da zan karɓa. Ga Inna, amsar daban ce.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi sai ya faru. Idan an rasa jirgin ƙarshe a tikitin ɗinki, sabon tikiti za a saya a ranar, a farashin ranar, da Yuro. Ka tambayi kanka ko akwai wannan kuɗin a kati mai aiki a waje. Idan babu, arahar ba taka ba ce.

Tazarar da ke tsakanin jirage

Kowane fili yana da mafi ƙarancin lokacin da aka yarda a bari tsakanin jirgi da jirgi, kuma kamfani ba zai sayar maka da tikiti ɗaya da ya gaza hakan ba. Sai dai wannan ƙa'idar an yi ta ne don mai sauri wanda ya san hanya. Ni a tikiti ɗaya ba na yarda da ƙasa da awa biyu, idan da tsoho ko yara, uku. A tikitin ɗinki kuwa, da karɓar kaya da sabon layin awo da rufe kanta kusan awa ɗaya kafin tashi, awa uku ba komai ba ce. Ƙasa da biyar ko shida caca ne.

Kuma ka tuna da hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura takan rufe sararin Arewa har jirgi ya kasa sauka a Sakkwato ko Kano, a ɗaga tashi ko a soke. Jirgin cikin gida da zai kai ka Abuja kusan kullum tikitinsa daban ne, wato shi ma ɗinki ne ko da ka sayi mai tsadar. A lokacin hazo bar kwana ɗaya cur a tsakani, in da hali biyu.

Kaya ma a wurin sauya jirgi suka fi ɓacewa, don haka zango biyu dama biyu ce ta jaka ta yi nata wuri. Idan ba ta fito ba, kada ka bar wurin karɓar kaya sai ka cike takardar rahoto da ake kira `PIR`, ka kuma adana 'yar takardar da aka liƙa maka a Abuja. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke ciki, jakar da ta kwana 21 ba ta zo ba ana ɗaukarta ta ɓata, kuma diyyar tana da iyaka. Magani, caja, takardu da kaya na sauyawa ɗaya su kasance a jakar hannu.

Wani abin da ke ɓangaren mai tsadar: dokar Birtaniya ta tanadi diyyar fam 520 idan jirgin da ya wuce kilomita 3,500 ya makara fiye da awa huɗu kuma laifin kamfanin ne, ba yanayi ba. Tana aiki a kan kowane jirgi da ya tashi daga Birtaniya, amma mai shigowa sai idan kamfanin na Birtaniya ne ko na Tarayyar Turai.

Wa zai yi tafiyar?

Inna ta haura sittin, tana da ciwon gwiwa da hawan jini, Hausa take ji sai Larabcin karatu. Kowane zango a wurinta yana nufin nemo allo, gane lambar ƙofa, doguwar tafiya a ƙasa, cire mayafi da takalmi a wurin bincike, neman wurin alwala. Ana iya nema mata keken turawa, kyauta ne, a faɗa wa kamfani aƙalla awa 48 kafin tashi. Suna sa alamar `WCHR` ga mai iya hawa matakala amma ba ya iya doguwar tafiya, `WCHS` ga wanda matakalar ma ta gagare shi. A tikiti ɗaya buƙatar tana bin fasinja har ƙarshe. A ɗinki sai ka nema wurin kowane kamfani daban, kuma a tsakaninsu, inda aka fi buƙatar taimakon, ba lallai a samu mai tura ta ba.

Ba kullum tsayawa ke zama sharri ba. A tafiyar da ta kai awa goma sha biyu ko fiye, kamar Legas zuwa Amurka, wani ya fi son a raba masa biyu ya miƙe ƙafa, domin dogon zama yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, musamman ga mai ciki, mai ƙiba ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Amma maganin wannan shi ne tashi a ɗan zaga cikin jirgi, da shan ruwa, da ganin likita kafin tafiya, ba ƙarin zango biyu ba. Kuma kafin ka yanke tsakanin biyun nan, nemi na uku: mai zango ɗaya a tikiti ɗaya. Sau da yawa yana tsakiya a farashi, kuma shi ne ya fi dacewa da yawancin mutane. Matsa ranar tafiya da kwana biyu ko uku, ka kauce wa ƙarshen Disamba da watan Satumba lokacin komawar ɗalibai, ka ga yadda mai tsadar ma yake saukowa.

Na kai wa Yaya takardar lissafin. Ya duba layin biza, ya duba na jakunkuna, ya yi shiru. Inna da ke gefe tana ƙulla daddawa a leda ta ce, "Ni dai ku sa ni wanda in na zauna ba ni tashi sai na ga ɗiyata."

Muka matsa tafiyar daga Asabar zuwa Talata, farashin ya sauko da kusan dubu 150, muka sayi wanda ba ya tsayawa. Na raka ta Abuja kwana biyu kafin ranar saboda hazo, na rubuta mata lambar ƙanwata da adireshin gidan a takarda da manyan haruffa, na sa a cikin fasfo. A kanta na tabbatar takardar da aka liƙa wa jakunkunan tana ɗauke da `LHR`, wato filin Heathrow na London, na ga mai keken ya zo ya tura ta ciki. Kafin la'asar ƙanwata ta kira ta ce sun haɗu, jakunkuna biyu duka sun fito.

Wata huɗu bayan haka ɗan Yaya ya samu gurbin karatu a can. Jakarsa ɗaya, Turancinsa garau, kuɗin makaranta ya cinye aljihun gidan. Shi mai zango biyu muka saya masa, Abuja zuwa Legas zuwa Kasablanka zuwa London. Guntun Abuja zuwa Legas tikitinsa daban ne, don haka muka tura shi tun ana gobe, ya kwana wurin wani ɗan'uwanmu a Agege.